Ciniki na hawa, riba na sauka: yadda mai shago zai gano haka da wuri a jadawalin waya

Yawancin masu shagon kayan masarufi a Kano suna auna lafiyar kasuwancinsu da abin da suka ƙirga a aljihun tebur bayan Isha'i. Idan kuɗin yau sun fi na jiya, sai a yi hamdala a rufe shago. A lokacin da farashi yake tsaye, wannan awon ba ya ɓatar da mutum sosai. Amma tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu 2023, sannan hauhawar farashi ta haura kashi 30 cikin ɗari a 2024, yawan kuɗi a aljihun tebur ya daina zama shaidar riba. Kuɗi suna ƙaruwa ne domin komai ya yi tsada, alhali rabonka a cikinsu yana iya raguwa mako bayan mako. Mutum ba ya farga sai ranar da ya shiga kasuwar Singa da kuɗin da a da suke ɗauko masa buhu goma, ya ga takwas kawai suka ɗauko.

Tambaya ɗaya ce jadawalin da za mu gina zai riƙa amsa maka duk mako: a cikin kowace naira ɗari da ta shigo shago, nawa ce taka bayan an cire kuɗin kaya da hidimar shago? Zan yi misali da shagon unguwa mai sayar da shinkafa da sukari a kwano, da man girki, da taliya, da sabulu. Alƙaluman na misali ne, kai za ka sa naka. Mai sayar da atamfa a Kantin Kwari ko kayan waya a Farm Centre zai iya bin tsarin, sunayen kaya kawai zai sauya.

Wayarka ta isa. Google Sheets kyauta ne, kuma ana iya saita fayil ya yi aiki ko babu data. Excel da WPS Office ma suna karɓar fomulolin nan yadda suke. Ka buɗe fayil ɗaya, ka yi masa shafi huɗu a ƙasa da waɗannan sunaye: Sari, Ciniki, Kashewa, Mako. Ka rubuta su daidai haka, domin fomula da sunan take nemo shafi. A bayanin nan, sahu shi ne wanda ya sauko daga sama mai harafi, A, B, C. Layi shi ne wanda ya tafi a kwance mai lamba. Inda suka haɗu shi ne gurbi, kamar C2.

## Shafin Sari: nawa kwano ɗaya ya zo maka?

Nan ne ginin yake tsayawa ko ya rushe, don haka zan daɗe a kansa.

A layi na farko ka rubuta kanun sahu: A rana, B sunan kaya, C kuɗin sari, D kuɗin dako da mota, E adadin da ya fita, F kuɗin ɗaya. Duk ranar da ka saro kaya, kowane kaya ya samu layinsa. A gurbin F2 ka sa wannan, sannan ka ja shi ƙasa zuwa sauran layuka:

```
=(C2+D2)/E2
```

Sahu biyu ne mutane suke rainawa, D da E. Kuɗin ɗan dako da ya fito maka da buhu daga cikin kasuwa, da na mai adaidaita sahu ko a-kori-kura da ya kawo maka ƙofar shago, duk suna cikin kuɗin kayan nan. Idan mota ɗaya ta ɗauko kaya iri biyar, ka raba kuɗin a kansu gwargwadon nauyi, ko da ƙiyasi ne. Buhun shinkafa ya fi katan ɗin ashana cin kuɗin mota, kada ka raba musu daidai.

Sahun E kuwa abin da ya fita daga buhun a hannunka yake nema, ba abin da aka saba faɗa ba. Kowa zai ce maka buhu mai kilo 50 yana ba da kwano kaza. Kai dai ka ƙirga. Ranar da aka buɗe buhu a ajiye 'yar takarda kusa da shi, duk kwanon da aka auna a ja sanda ɗaya, har buhun ya ƙare. Tsakanin gyaran da ake yi wa masu saye, da cika kwano har yana zuba, da abin da ya zube ƙasa, da buhun da tun daga kasuwa bai cika ba, za ka iya tarar da kwano guda ya tafi. Haka jarkar man girki mai lita 25 da ake ɗurawa a kwalabe, akwai wanda yake maƙalewa a jarka da mazurari. Kafin sabon buhu ya ƙare, ka yi aiki da adadin da na baya ya bayar, in ya ƙare ka gyara. Kayan da suke zuwa a ƙirge, irin su taliya da sabulu, nasu da sauƙi, sai dai ka cire wanda ya fashe ko ɓera ya taɓa.

Ga misali. Ka sayi buhun shinkafa naira 62,000, dako da mota 1,000, ya ba da kwano 20. Kwano ɗaya ya zo maka a kan 3,150. Kana sayarwa 3,600, ribar kwano 450 ke nan. Ka riƙe wannan lissafin, za mu dawo kansa.

## Shafin Ciniki

Kanun sahu: A rana, B sunan kaya, C adadin da aka sayar, D farashin sayarwa, E kuɗin ɗaya, F ciniki, G riba. Fomula biyu ce kawai, ta farko a F2, ta biyu a G2:

```
=C2*D2
=C2*(D2-E2)
```

Ba za ka riƙa taɓa waya duk lokacin da yaro ya zo sayen magi ba. Da rana littafi ne yake aiki: sunayen kaya a jere, ana jan sanda a gaban kowanne. Da dare sai ka shigar da jimilla, kowane kaya layi ɗaya. Idan ka sayar da kaya ɗaya a farashi biyu, misali kwano takwas a 3,600, biyu kuma ka yi wa wata mai abinci ragi a 3,450, ka yi layi biyu. Ragin da ba a rubuta ba yana cikin manyan hanyoyin da riba take zurarewa.

Shagon da yake da kaya sama da ɗari ba zai iya bin kowanne ba, kuma wanda ya ce sai ya bi duka, kafin mako biyu zai gaji ya watsar. Ka zaɓi goma zuwa goma sha biyar da suka fi kawo kuɗi. Ragowar ka haɗe su a layi ɗaya mai suna Sauran kaya: adadi 1, farashi ya zama jimillar kuɗinsu, kuɗin ɗaya kuma ƙiyasin abin da suka zo maka. Sai dai ka sani wannan layin ba ya gani, abin da ka gaya masa kawai yake maimaitawa. Duk wata ka ɗauki kaya huɗu ko biyar daga ciki ka duba ko ƙiyasin yana nan daidai. Idan layin ya fara wuce rubu'in cinikinka, ka fito da manyan cikinsa su samu layinsu.

Sahun E da hannu za ka rubuta shi, kana duba shafin Sari. Wani da ya iya kwamfuta zai ce ka sa VLOOKUP ta riƙa ɗauko kuɗin da kanta daga jerin farashi. Ban ba da shawarar haka ga mai farawa ba. Ranar da ka sauya farashi a jerin, duk layukan baya za su sauya tare, ribar watan jiya ta koma lissafin farashin yau, kuma abin da kake son gani, wato bambancin da da yanzu, ya shafe. Lambar da ka rubuta da hannu tana zama inda ka ajiye ta. Don rage wahala, kowane dare ka kwafi layukan jiya ka manna a ƙasa, ka sauya rana da adadi, ka taɓa farashi idan ya motsa.

Sai tambayar da take raba kan 'yan kasuwa. Kana da sauran tsohon buhu da ka saya 62,000, yau kuma ka kira dilanka ya ce ya koma 65,000. Wane kuɗi za ka sa a sahun E? Ni ra'ayina na yau za ka sa, tun daga ranar da ka tabbatar da shi. Kuɗin da kake karɓa a kan tsohon buhu da su za ka sayo sabo, kuma sabon ba zai zo a tsohon farashi ba. Idan ka lissafa da tsohon kuɗi, jadawali zai nuna riba mai kyau, ka ɗebi wani abu ka kai gida, alhali uwar kuɗi ka taɓa. Haka za ka yi idan farashi ya faɗi, kamar yadda hatsi yakan yi a Dawanau lokacin kaka, sai dai a nan ka rubuta a gefe asarar da tsohon kaya ya jawo maka, domin jadawalin ba zai nuna ta ba. Wannan hanya ta sa ido ce a kan shago. Idan lissafin banki ko na haraji ake nema, akanta yana da nasa ƙa'idojin.

Bashi kuma fa? Ranar da kaya ya fita shago, ranar aka yi ciniki, ko an biya ko ba a biya ba. Ka shigar da shi kamar sauran, ka ƙara sahun H ka rubuta adadin da ya tafi bashi. Ranar da aka biya kada ka sake shigar da shi a ciniki, a littafin bashi za ka soke. Idan ka haƙura da wani bashi, ka kai shi shafin Kashewa a ranar da ka haƙura.

## Shafin Kashewa

Sahu uku: A rana, B abin da aka yi, C kuɗi. Man janareta, kuɗin wuta, ƙanƙara, leda, sallamar yaron shago da abincinsa, cajin na'urar POS, kuɗin mai gadi, kwasar shara, data. Kuɗin sarin kaya da dakonsu ba sa shiga nan, an riga an cire su a sahun E na shafin Ciniki, in ka sake sa su ka cire sau biyu.

Haya ita ce mai ɓuya, tunda a shekara ake biya. In ka jira ranar biya, mako hamsin da ɗaya za su nuna ribar da ta fi gaskiya, mako ɗaya kuma ya nuna mummunar asara. Ka raba ta gida 52. Hayar 312,000 ta zama 6,000 a mako, ka riƙa shigar da ita duk ranar farkon mako. Haka za ka yi wa harajin shekara.

Kuɗin cefane da na makarantar yara ba hidimar shago ba ne, daga riba suke fita. In ka cakuɗa su a nan, ba za ka gane ko shagon ne yake ciwo ko gida ne ya ƙara ci ba. Ka rubuta su a sahun D, su kaɗai. Kwanon shinkafar da aka kai gida kuma a shigar da shi a Ciniki da farashin da ya zo maka, kuɗinsa ya hau sahun D ɗin nan.

## Shafin Mako, inda amsar take

Ribar kwana ɗaya tana rawa da yawa. Juma'a ba kamar Talata ba ce, ranar da aka yi albashi ba kamar tsakiyar wata ba ce. Wata guda kuma ya yi nisa, kafin ka gani an yi ɓarna. Mako ne daidai.

Kanun sahu: A ranar farkon mako, B ciniki, C ribar kaya, D kashewa, E kason ribar kaya, F kason da ya rage. A gurbin A2 ka rubuta ranar da za ka fara, misali 2025-05-03, wadda ta kama Asabar. A gurbin A3 ka sa fomular farko da ke ƙasa, ka ja ta. Sauran biyar na B2 zuwa F2 ne a jere, su ma ka ja su ƙasa:

```
=A2+7
=SUMIFS(Ciniki!F:F,Ciniki!A:A,">="&A2,Ciniki!A:A,"<"&A2+7)
=SUMIFS(Ciniki!G:G,Ciniki!A:A,">="&A2,Ciniki!A:A,"<"&A2+7)
=SUMIFS(Kashewa!C:C,Kashewa!A:A,">="&A2,Kashewa!A:A,"<"&A2+7)
=C2/B2
=(C2-D2)/B2
```

Kada tsawonsu ya ba ka tsoro. SUMIFS cewa take yi: tara mini duk abin da ke wannan sahu, matuƙar ranarsa ta faɗo daga farkon makon nan zuwa kafin farkon mako mai zuwa. Sau ɗaya za ka rubuta su. Sahun E da F ka zaɓe su ka danna alamar % domin 0.125 ta fito 12.5%.

Idan fomula ta ba ka sifili alhali ka san an yi ciniki, kusan kullum laifin rana ne. Manhajar tana iya ɗaukar 4/5 a matsayin 4 ga Mayu ko 5 ga Afrilu, gwargwadon yadda aka saita ta, wani lokacin ma ta ɗauke shi rubutu zalla. Shi ya sa na fi son a rubuta shekara, wata, rana, kamar 2025-05-04. Alamar ganewa mai sauƙi ce: ranar da manhaja ta gane tana jingina da dama a gurbi, wadda ba ta gane ba tana jingina da hagu. Haka kuɗi, lamba zalla za ka rubuta, ba N a gaba, ba k a baya, in ba haka ba za ka ga #VALUE!. Saƙon #DIV/0! a makon da bai zo ba kuwa ba matsala ba ne, babu ciniki ne tukuna.

## Mako huɗu a shago ɗaya

Ga abin da shagon misalinmu ya nuna:

| Mako | Ciniki | Ribar kaya | Kashewa | Kason ribar kaya | Kason da ya rage |
|---|---|---|---|---|---|
| 1 | 840,000 | 105,000 | 42,000 | 12.5% | 7.5% |
| 2 | 865,000 | 103,800 | 43,000 | 12.0% | 7.0% |
| 3 | 890,000 | 99,700 | 46,500 | 11.2% | 6.0% |
| 4 | 910,000 | 94,600 | 49,000 | 10.4% | 5.0% |

Mai duba aljihun tebur zai ce kasuwa ta buɗe, ciniki ya ƙaru da 70,000 a mako. Amma abin da ya rage wa mai shago ya sauko daga 63,000 zuwa 45,600. A makon farko, kowace naira ɗari tana bar masa bakwai da rabi. A na huɗu, biyar. Idan gidansa yana cin 55,000 a mako, tun mako na uku ya fara cin jari, kuma babu abin da zai ji a jikinsa, domin kanta tana cike da kaya, kuɗi suna shigowa.

Sahun E da F sukan faɗa maka inda za ka fara nema. Idan E yana tsaye, F kaɗai yake sauka, matsalar tana shafin Kashewa. Idan E yana sauka, tana tsakanin sari da sayarwa. A nan duka biyun ne: daga cikin 17,400 da suka ɓace, 7,000 hidima ce ta ƙaru, 10,400 kuma ribar kaya ce ta ragu. Na hidimar ba ya da wuyar ganowa, ka karanta layukan makonnin biyu gefe da gefe. A ce zafi ya shigo, wuta ta yi ƙaranci, janareta yana ta aiki don firij. Sai ka tambayi kanka ko ribar ruwa da lemon da ake sanyayawa tana biyan man da ake ƙonawa dominsu.

Na kayan sai an bi su ɗaya bayan ɗaya. A sahun G da H na shafin Mako ka sa ciniki da ribar kayan da kake zargi. Wannan ta riba ce, ta ciniki kuma ka mayar da G:G ɗin farko zuwa F:F:

```
=SUMIFS(Ciniki!G:G,Ciniki!B:B,"Shinkafa",Ciniki!A:A,">="&A2,Ciniki!A:A,"<"&A2+7)
```

Sunan kaya dole ya zama iri ɗaya kullum. In yau ka rubuta Shinkafa, gobe Shinkafa 'yar gida, jibi Shinkfa, fomula kashi ɗaya kawai za ta tara. Kwafar layukan jiya tana maganin wannan.

Shagon yana sayar da buhu uku a mako. A makon farko kwano 60 ne, kowanne da ribar 450, jimilla 27,000. Zuwa mako na huɗu buhu ya koma 65,000, dako da mota 1,500, kuma da aka ƙirga sai kwano 19 ya fita. Kwano ya zo a kan 3,500. Mai shago ya ji labarin tashin farashi, ya ƙara 200, yana sayarwa 3,800, hankalinsa kwance cewa ya bi kasuwa. Ribar kwano ta koma 300, wato kashi 7.9 a maimakon 12.5. Kwano 57 sau 300 ya ba da 17,100. Shinkafa kaɗai ta tafi da 9,900. Kuma kuɗin da buhu yake kawowa aljihun tebur bai ragu ba: da 72,000, yanzu 72,200.

Mu warware 350 ɗin da suka hau kan kowane kwano. Tashin buhu da 3,000, in an raba wa kwano 20, 150 ne. Ƙarin kuɗin mota, 25. Kwano ɗayan da ya ɓace, 175. Ƙarin 200 da ya yi ya rufe tashin buhu da na mota har da ɗan canji. Abin da ya kayar da shi shi ne wanda ba a magana a kansa a kasuwa. Wannan ya sauya abin da ya kamata ya yi. Kafin ya sake ɗora wa masu saye kuɗi, ya ɗora buhu na gaba a sikeli tun kafin a buɗe. In bai kai kilo 50 ba, maganar tsakaninsa da dila ce. In ya kai, sai ya tsaya ya ga yadda yaron shago yake awo da irin gyaran da yake yi. Gyara al'ada ce mai kyau, tana riƙe mai saye, ban ce a daina ba. A dai san nawa take ci.

In kwano 20 ya dawo, kuɗin ɗaya zai sauko 3,325, ribar kwano a 3,800 ta koma 475, wato kashi 12.5 daidai, ba tare da an ƙara wa kowa ko sisi ba. In kuma 19 ɗin ne ya zauna, ga yadda ake nemo farashin da zai mayar da tsohon kaso:

```
=3500/(1-0.125)
```

Amsa 4,000. Ka lura, ɗora kashi 12.5 a kan 3,500 zai ba ka kusan 3,938 ne, bai kai ba, domin kason da muke bi daga kuɗin sayarwa ake auna shi, ba daga kuɗin sari ba. Ko unguwa za ta karɓi 4,000 alhali maƙwabcinka yana 3,850, wannan jadawali ba zai faɗa maka ba. Kana iya yanke shawarar barin shinkafa da ƙaramar riba don ita take jawo masu sayen mai da magi. Shawara ce mai ma'ana, in dai da saninka ka yi ta.

Akwai sauran abu a lissafin nan. Cire shinkafa, ka dubi ragowar kaya. A makon farko cinikinsu 624,000 ne, riba 78,000. A na huɗu ciniki 693,400, riba 77,500. An ƙara sayar da kayan kusan dubu saba'in, riba ba ta ƙaru ba, ta ma ragu da 500. Irin wannan yakan faru ko da babu kayan da farashinsa ya motsa, idan abin da ake saye ne ya sauya. A ce wani mai shayi ya fara ɗaukar katan ɗin taliya da sukari a dunƙule, kana ba shi kusan farashin sari, masu sayen ɗai-ɗai kuma sun ɗan ja baya. Cinikin mai shayin ba laifi ba ne in yana biya nan take. In kuwa bashi yake ɗauka sai mako ya zagayo, jarinka yana kwance a wurinsa a kan ribar da ba ta taka kara ta karya ba, kuma kafin ya biya farashi yana iya tashi a Singa. Sahun H na shafin Ciniki zai nuna maka wanne ne.

## Yaushe za ka tashi tsaye

Mako ɗaya da ya sauka da rabin kashi ba abin tayar da hankali ba ne. Ƙa'idar da nake ganin ta dace ita ce: mako biyu a jere suna sauka, ko faɗuwar kashi ɗaya cur a mako guda, to ranar za ka zauna ka bi kaya. A shagon misalinmu wannan ya kama ƙarshen mako na uku. Bayan ka tara mako huɗu zuwa shida za ka san inda shagonka ya saba tsayawa. Sai ka zaɓi sahun E na shafin Mako, ka shiga Conditional formatting, ka zaɓi Less than, ka sa 0.115 ko abin da ya dace da kai, gurbin ya riƙa yin ja da kansa. Makonnin azumi da na jajiberin sallah ka yi musu alama, domin kayan da ake saye suna sauyawa, kada ka gwada su da makon da ba na hidima ba.

Abin da jadawalin ba ya gani shi ne kayan da suka fita ba a rubuta ba. Don haka kowane dare ka haɗa tsabar kuɗin da ke aljihun tebur, da abin da ya shigo ta POS da tiransifa, da bashin ranar, da abin da aka ɗiba aka kashe ko aka kai gida, ka cire canjin da ka buɗe shago da shi da tsohon bashin da aka biya yau. Abin da ya fito ya kamata ya yi kusa da jimillar sahun F na ranar a shafin Ciniki. In kuɗi sun fi rubutu, ana mantawa da jan sanda. In rubutu ya fi kuɗi kullum, akwai inda suke bi. Ranar ƙarshen mako kuma ka ƙirga kaya uku mafi tsada a kan kanta: abin da ka buɗe mako da shi, a haɗa da wanda aka saro, a cire wanda aka sayar, shi ne ya kamata ka tarar. Katan biyu na taliya da suka yi ɓatan dabo ba za su taɓa sahun E na shafin Mako ba, sai ka rubuta kuɗinsu a shafin Kashewa, su fito a sahun F.